Kwanakin Haila da Yiwuwar Ɗaukar Ciki Daga Saduwa Guda: Nazari Daga Yanayin Tafoki a Ƙasar Faskari

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambayar da ake yawan yi wa ungozoma da ma'aikatan asibitin karkara, wato ko mace za ta iya ɗaukar ciki daga saduwa guda ɗaya tak da aka yi ba tare da kariya ba, kuma a wace rana abin ya fi yiwuwa. An kawo alƙaluman da likitoci suka tabbatar, sannan aka auna su da yadda Bahaushiya take ƙirga kwanakinta a wuri irin Tafoki. Maƙalar ta nuna cewa babban kuskuren da ake tafkawa yana faruwa ne tun daga wurin fara ƙirga, domin likita yana farawa daga ranar da jini ya zo, ita kuwa mace takan fara daga ranar da ta yi tsarki.

1.0 Gabatarwa

Tafoki gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a yankin da ya yi iyaka da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa Katsina ce ke kan gaba a yawan haihuwa a Nijeriya, inda matsakaicin haihuwar mace guda ya kai 7.3, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Wannan binciken ya kuma tambayi mata lokacin da ciki ya fi saurin shiga. Kimanin ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce tsakiyar tazarar da ke tsakanin haila biyu. Amsar da ta fi yawa ita ce da zarar jini ya ɗauke.

Masu rubutun wayar da kai sukan yi saurin kiran wannan amsa jahilci. Hukuncin ya yi tsauri. Kamar yadda za a gani, amsar daidai take ga wasu mata, kuskure ce ga wasu, kuma abin da ke raba su shi ne tsawon zagayen hailar kowace da yawan kwanakin jininta.

2.0 Kwana shida kacal

Mace takan saki ƙwai ɗaya a kowane zagaye na haila. Idan ya fito, rayuwarsa gajera ce ƙwarai, daga awa 12 zuwa 24. Ƙwayoyin maniyyi kuwa suna iya zama da rai a jikin mace har kwana biyar, muddin sun tarar da ruwan bakin mahaifa mai santsi da ke fitowa gab da sakin ƙwai. Idan aka haɗa kwana biyar na maniyyi da yini guda na ƙwai, sai a sami kwana shida. Ke nan mafi yawan kwanakin da ciki ke shiga suna gaban fitowar ƙwan ne, maniyyi ne ke riga zuwa ya zauna jira.

An fara auna wannan da alƙaluma a Ingila a 1969, lokacin da Barrett da Marshall suka yi nazarin bayanan ma'aurata 241 masu auna zafin jiki kowace safiya. Amma aikin da aka fi dogara da shi shi ne na Allen Wilcox da Clarice Weinberg da Donna Baird, wanda ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1995. Sun bi mata 221 a jihar North Carolina ta Amurka, waɗanda suka daina tsarin iyali da niyyar samun ciki. Kowace mace tana ajiye fitsarinta na safe kullum, tana kuma rubuta ranakun da aka sadu da ita. Daga fitsarin aka gano ranar sakin ƙwai, kuma daga gare shi aka gano shigar ciki tun kafin mace ta yi ɓatan wata. A cikin zagaye 625 an sami ciki 192, kuma dukkansu sun shiga ne a kwana shida da ke ƙarewa da ranar sakin ƙwai. Yiwuwar ta tashi daga kashi 10 cikin ɗari, idan an sadu kwana biyar kafin ƙwai ya fito, zuwa kashi 33 a ranar fitowarsa.

Akwai gyara mai muhimmanci ga wannan kashi 33 da ake yawan kawowa. Ya ƙunshi har da cikin da ke zubewa a makonnin farko, wanda mace ba ta ma san da shi ba, sai dai ta ga hailarta ta ɗan jinkirta. Da masu binciken suka ware cikin da ya zauna har aka san da shi, sai hoton ya sauya. Kwana biyar kafin sakin ƙwai yiwuwar kashi 4 ce, kwana huɗu kashi 13, kwana uku kashi 8. A kwana biyu kafin sakin ƙwai ta kai kashi 29, a jajibirinsa kashi 27, a ranar kanta kuwa ta faɗo zuwa kashi 8. Ba a ɗaukar hawa da saukar da ke tsakanin 13 da 8 da wata ma'ana, ƙarancin adadin matan ne ya jawo shi. Abin lura shi ne kwana biyun da ke gaban fitowar ƙwai su ne ƙololuwa, kuma ko a cikinsu saduwa bakwai cikin goma ba ta haifar da ciki.

3.0 Ranar ƙwai daban, ranar kalanda daban

Duk waɗannan alƙaluma suna amfani ne ga wanda ya san ranar da ƙwai ya fito. Matar da ke Tafoki ba ta da ɗakin gwajin fitsari, abin da ta sani shi ne ranar da ta ga jini. Saboda haka tambayar da ta shafe ta ita ce: idan an sadu da ita a rana ta kaza daga farkon jini, mene ne yiwuwar?

Littattafan makaranta sukan ce ƙwai yana fita a rana ta 14 cikin zagaye mai kwana 28. Wilcox da abokan aikinsa sun gwada wannan magana a 2000, suka tarar cewa kimanin mata uku cikin goma ne kawai kwanakinsu shida ke faɗawa gaba ɗaya tsakanin rana ta 10 da ta 17. A cikin matan da suka bi, an sami wadda ta saki ƙwai tun a rana ta 8, an kuma sami wadda ta kai rana ta 60. A rana ta 7 kaɗai, kashi 17 cikin ɗari na matan sun riga sun shiga kwanakin ɗaukar ciki. Dalili kuwa shi ne zagayen haila kashi biyu ne marasa hali ɗaya. Kashin da ke bayan sakin ƙwai bai cika sauyawa ba, yakan kasance wajen mako biyu. Kashin da ke gabansa shi ne mai miƙewa da tsukewa, kuma zazzaɓi ko rama ko shayarwa ko tashin hankali duk suna iya jinkirta shi.

Da aka haɗa wannan rashin tabbas da alƙaluman farko, sai aka sami lissafin 2001, wanda ya amsa tambayar kai tsaye. A kwana ukun farko na haila yiwuwar ɗaukar ciki daga saduwa guda kusan babu ce. A rana ta 7 ta kusa kashi 2 cikin ɗari. Daga nan takan hau da sauri har ta kai wajen kashi 9 a rana ta 13, sannan ta yi ta sauka. Sai dai ba ta komawa sifili, domin ko a rana ta 40, ga matar da hailarta ta yi jinkiri, saura wajen kashi 1. Idan kuwa ba a san ranar ba sam, matsakaicin yiwuwar kashi 3.1 ne.

Mai karatu zai iya tambaya yadda kashi 29 ya koma kashi 9. Amsar ita ce rana ta 13 ba abu ɗaya ba ce ga dukan mata. Ga wata ita ce jajibirin sakin ƙwai, ga wata ƙwan ya riga ya mutu, ga wata kuma saura mako guda. Kashi 9 matsakaicinsu ne duka. Haka ma kashi 3.1 ana iya kusantarsa da lissafin hannu: a tara 4 da 13 da 8 da 29 da 27 da 8, a sami 89, a raba wa kwana 28, sai a sami uku da 'yan kai. A 2015 an sake lissafin aka ɗaga shi zuwa kashi 4.5, bayan an lura cewa ma'aurata sun fi yawan saduwa a kwanakin ɗaukar ciki ko da ba su san suna cikinsu ba.

4.0 Mata biyu, daren tsarki guda

A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun ƙasar Hausa, daga Ahalari zuwa Risala, an haramta saduwa da mai haila har sai jini ya ɗauke ta yi wanka. Wannan ya sa ranar tsarki ta zama ranar da mace ta fi riƙewa a ka, domin a ranar take komawa salla da azumi da shimfiɗar miji. Ranar zuwan jini kuwa ba ta da wannan matsayi a lissafinta na zaman aure.

A ƙaddara mata biyu a Tafoki. Ta farko zagayenta kwana 26 ne, jininta kuma yakan yi kwana bakwai. Idan aka cire mako biyu daga 26, ana sa ran ƙwanta a wajen rana ta 12, kwanakinta shida kuma daga ta 7 zuwa ta 12. Daren farko na tsarkinta shi ne rana ta 8, wato kwana huɗu kafin ƙwai. Yiwuwar a wannan dare ta wuce ɗaya cikin goma. Idan kuma a wannan watan ƙwan ya rigayi lokacinsa da kwana biyu, abin da ba baƙo ba ne, to daren tsarkin ya faɗa a kan ƙololuwa, kusan uku cikin goma. Wannan mata idan ta ce ciki yana shiga ne da an yi wankan tsarki, gaskiyar jikinta ta faɗa.

Ta biyu zagayenta kwana 33 ne, jininta kwana huɗu. Ana sa ran ƙwanta a wajen rana ta 19, kwanakinta shida daga ta 14 zuwa ta 19. Daren tsarkinta rana ta 5 ne, saura kwana tara kafin ƙofar ta buɗe. Idan tana neman haihuwa, ta kuma bi shawarar maƙwabciyarta ta mayar da hankali ga makon farko na tsarki, za ta yi ta kuskure wata bayan wata. A ƙarshe a fara zancen asiri ko iska, ko a fara yi wa miji maganar ƙarin aure, alhali lafiyarta lau.

Haɗarin ya fi girma ga mai son ba da tazara. Akwai tsarin ƙirga kwanaki da Cibiyar Lafiyar Haihuwa ta Jami'ar Georgetown ta samar, wanda ake koyarwa da wata sarƙa mai duwatsu 32 masu launi daban-daban, kamar carbi. Ƙa'idarsa ita ce mai zagaye tsakanin kwana 26 da 32 ta guji saduwa marar kariya daga rana ta 8 zuwa ta 19. A gwajin da aka buga a 2002, kimanin mata 5 cikin ɗari ne suka sami ciki a shekara guda idan an bi ƙa'idar daidai, 12 kuma idan aka haɗa da masu sakaci. An kawo tsarin Jihar Katsina, har ma'aikatan ƙungiyar Society for Family Health suka buga nazari a kansa a 2011, game da addini da al'ada da hannun maza wajen amfani da shi a jihohin Katsina da Inugu. To amma a duba abin da zai faru da matar farko idan aka ce mata daga 8 zuwa 19, ita kuma ta fara ƙirga daga ranar tsarki. Ranarta ta ɗaya ita ce ta 8 ta gaskiya. Saboda haka za ta ƙaurace daga rana ta 15 zuwa ta 26, lokacin da ƙwanta ya riga ya wuce, ta kuma saki jiki daga ta 8 zuwa ta 14, daidai kwanakin da aka so ta kiyaye. Ta bi umarni sau da ƙafa, amma ta juya shi baibai.

Nan ne masanin harshe yake da abin cewa. Jumlar “kwana goma bayan al'ada” tana ɗaukar ma'ana biyu a Hausa, bayan zuwanta ko bayan wucewarta, kuma kunnen Bahaushe ya fi karkata ga ta biyun. Duk fassarar da ba ta fito fili ta ce “daga ranar farko da aka ga jini” ba, ta bar tazarar kwana huɗu zuwa bakwai a buɗe, kusan tsawon kwanakin ɗaukar cikin gaba ɗaya. Haka nan ƙirga da watan sama, irin “nakan gani a goma ga wata”, yana da nasa gurɓi: wata kwana 29 ko 30 ne, mai zagayen kwana 26 kuwa hailarta za ta riƙa ja da baya da kwana uku ko huɗu kowane wata.

5.0 Rabon kwana da ɗan cin rani

Yanayin zaman aure a karkarar Katsina yakan sa saduwa ta zama jefi-jefi, a nan kuwa lissafin saduwa guda yake da amfani na zahiri. A gidan da ake rabon girki kwana bibbiyu tsakanin mata huɗu, kowace tana da dare biyu cikin takwas, sai ta jira shida. Lissafi zalla ya nuna cewa sau ɗaya cikin takwas kwanakinta shida za su faɗa gaba ɗaya cikin kwanakin jiran. Mafi muhimmanci, sau biyar cikin takwas ba za ta dace da ko ɗaya daga cikin ranakun ƙololuwa biyu ba. A gidan mata biyu kuwa, sau ɗaya cikin huɗu ne kawai hakan zai faru. Jinkirin haihuwa a gidan mata da yawa yana iya zama na kalanda kawai, kafin a je ga zargin kishiya. Haka abin yake ga matar ɗan cin rani ko direban da ke leƙo gida dare ɗaya ko biyu a wata.

Kishiyar wannan ita ce ƙanƙantar kashi 3 ko 4 kada ta ruɗi kowa. Ma'auratan da ke tare kullum ba sa jefa ƙuri'a sau ɗaya, kusan kowane wata sai sun dace da kwanakin. Shi ya sa kimanin 85 cikin ɗari na matan da ke zaman aure ba tare da kariya ba sukan sami ciki cikin shekara guda.

6.0 Inda ƙirga ba ya aiki

An samo alƙaluman North Carolina ne daga mata masu lafiya, akasarinsu fararen fata masu ilimin boko, 'yan shekara 25 zuwa 35. Tsawon ran ƙwai da na maniyyi halitta ce ta kowa, amma shekaru suna sauya girman yiwuwar. Nazarin da Dunson da Colombo da Baird suka buga a 2002, a kan ma'aurata 782 a Turai, ya nuna cewa kwanakin shida ne ga kowa, sai dai yiwuwar mace 'yar shekara 19 zuwa 26 ta kusa ninka ta 'yar 35 zuwa 39. A yankin da ake aurar da mata da ƙuruciya, wannan yana nufin matsakaicin da aka kawo a sama yana iya gaza na matashiya. Yarinyar da ba ta daɗe da fara haila ba kuwa zagayenta bai daidaita ba tukuna, ƙirga kwana ba ya yi mata amfani.

Mai shayarwa ma haka. Ƙwai yana fita ne kimanin mako biyu kafin jini, saboda haka tana iya ɗaukar ciki ba tare da ta ga haila ko sau ɗaya ba bayan haihuwa, abin da ke kawo kwanika. Shayarwa tana ba da kariya mai ƙarfi ne idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai cika wata shida ba, haila ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana. Da an fara ba shi kunu ko koko, ko wata shida ya cika, kariyar ta fara warwarewa. A irin waɗannan yanayi alamar jiki ta fi kalanda: fitowar ruwa garai mai yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda ke miƙewa tsakanin yatsu, tana nuna an shiga kwanakin. Hawan zafin jiki kuwa yana zuwa ne bayan ƙwai ya fita, labarin abin da ya wuce yake bayarwa.

Akwai kuma saduwar da mace ba ta zaɓa ba. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi shan hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, kuma fyaɗe yana cikin ta'asar da ake yi. Ga wadda abin ya faɗa wa, kada a zauna ƙirga kwana a ce ai ranar ba ta haɗari ba ce, tun da daga wajen rana ta 6 zuwa gaba babu ranar da za a rantse a kanta. Ƙwayar gaggawa, irin wadda ake sayarwa da sunan Postinor-2, ta fi aiki idan aka sha cikin awa 72, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a ba da ita har zuwa awa 120. Aikinta jinkirta fitowar ƙwai ne har maniyyi ya mutu. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma idan ƙwan ya riga ya fita ba ta da tasiri, shi ya sa kowace awa take da daraja. Robar mahaifa mai jan ƙarfe, idan ma'aikaciyar lafiya ta sanya ta cikin kwana biyar, tana hana fiye da 99 cikin ɗari. Maganin kariya daga ƙanjamau shi ma awa 72 ne iyakarsa, kuma cututtukan saduwa ba ruwansu da ranar wata. Idan haila ta wuce lokacinta da mako guda, ko mako uku ya cika daga ranar da abin ya faru, gwajin fitsari a asibiti mafi kusa shi zai raba gardama.